Wasiƙa zuwa ga Alhaji Lawal kan canjin kayan wata: fulawa, mai da sukari

Ƙofar Kaura, Katsina
Litinin, 19 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Alhaji Lawal,
Babbar Kasuwa, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da yaran shago baki ɗaya. Ya kasuwa, ya kuma wannan zafi? Allah Ya kawo mana damina mai albarka, amin.

Alhaji, dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai cewa kayan da kake aiko mani duk wata za su canza daga watan Yuni. Na so in faɗa maka a waya, sai na ga magana ce ta lissafi, gara ta zauna a rubuce, kai ka riƙe ɗaya ni in riƙe ɗaya, don kada yaronka Sabi'u ya loda kaya bisa tsohon tsari.

Ka san shekara shida ke nan kana kawo mani fulawa buhu 12, mai jarka 10, sukari buhu 2, ban da manja. An yi wancan lissafin ne lokacin da rabin cinikina na safe fanke ne da cincin da sauran kayan fulawa da muke jerawa a gilashi. To, tun bayan ƙaramar Sallah nake lura kasuwarsu ta ja baya. Sai mu soya fanke da asuba, la'asar ta yi rabin tire yana nan ya yi sanyi, ga man da ya sha. Masu shigowa kuwa, ma'aikata da 'yan makaranta da masu Keke, abin da suke tambaya shi ne abin da zai riƙe masu ciki har azahar. Da na ga haka sai na sauke kaskon suya, na ɗauko Inna Mairo ta zauna mani kan tanda. Tun ranar 28 ga Afrilu abincinmu na safe ya koma masa da miyar taushe, da sinasir, da ɗanwake. Funkaso ranar Juma'a kaɗai. Lemon kwalba ma na rage shi ƙwarai, na koma haɗa zoɓo da kunun aya da kaina. Abincin rana da na dare, tuwo da shinkafa da sauransu, suna nan yadda ka san su.

Ban rubuto maka tun lokacin ba saboda ban so in yanke lissafi da ka. Na bari sai da muka yi mako uku cur, daga 28 ga Afrilu zuwa jiya Lahadi, kullum ina ɗora abin da za a ɗiba a kan sikeli kafin ya bar sito, ina rubutawa a littafi. Abin da littafin ya nuna shi zan gaya maka.

Fulawa ita ce ta fi sauka. Da muna cin kusan kilo 20 a rana. Yanzu kilo 8 ne, wata rana ma ba ya kaiwa, sai Juma'a da ake funkaso yake ɗan haurawa. Masa da sinasir aikin shinkafa ne, ba ruwansu da fulawa, ɗanwaken kuma haɗi muke yi da garin wake da na rogo. Kilo 8 sau kwana 30 ya kama 240, don haka buhu 5 na kilo 50 sun ishe ni wata. Amma ina roƙonka ya zama irin wadda ka saba kawo mani, kada a canza mani kamfani ba tare da an tambaye ni ba. Ƙullun funkaso ba ya ɓoye sirrin gari. In fulawar ba ta da danƙo, za ka ga ya kwana bai tashi ba, in an saka a mai sai ya baje ya sha mai ya yi nauyi, kuma masu cin funkason Juma'a dattawa ne da suka san ɗanɗanonsa tun suna yara.

Mai kuma nan ne nake so ka karanta a hankali, don ba yawa kaɗai ya canza ba, har da iri. Suyar fanke da cincin ita ke shanye mana mai, don sai an cika kasko, kuma in ya yi suya biyu zuwa uku ya yi duhu, ba na yarda a sake mayar da shi kan wuta. Masa kuwa da ɗan cokali ake ɗiga mata a kowane gurbi. Jimilla yanzu jarka 6 ce ta lita 25 maimakon 10. A cikin shidan, 4 su zama farin mai da ka saba kawowa, na miya da shinkafa da suyar nama. Sauran 2 kuma man gyaɗa tsantsa nake so, na matsa, wanda in an buɗe jarka ƙamshin ƙuli zai bugi hanci. Ɗanwake ba shi da wata miya da za ta rufa masa asiri, daga mai sai yaji sai ɗan albasa da tumatir, saboda haka duk abin da man yake shi mutum zai ji a bakinsa. Makon jiya wani malamin makaranta da ke karyawa a wurinmu kullum ya ɗaga cokali ya shinshina, ya ce mani, "Hajiya, ɗanwaken ya yi, amma man nan ba na gyaɗa ba ne." Gaskiya ya faɗa, kuma ba na son a sake faɗa mani haka. Na san man gyaɗa ya fi tsada, na kuma san ana gauraya shi a kasuwa. Shi ya sa nake so ya biyo ta hannunka. In babu mai kyau a ranar, gara ka ce mani babu, in jira. Manja jarka 2 yana nan yadda yake.

Sukari shi ne ya hau. Zoɓo kaɗai muna haɗa kusan lita 40 a rana a wannan zafin, ga kunun aya, ga wanda ake sa wa ƙullun masa da sinasir, ga na masu barbaɗawa a kai. Kilo shida da rabi muke ci a rana, wato buhu 4 a wata maimakon 2. Wanda ka kawo farkon watan nan ya ƙare tun ranar Alhamis, sai da na aiki yaro ya auno mani a tiya, kuma ka san abin da mai saye a tiya yake biya. Sai dai buhu 4 ɗin nan lissafin bazara ne. In ruwa ya zauna, balle in hunturu ya shigo, masu neman abin sanyi za su ragu, ina jin za mu koma 3. Zan sanar da kai kafin lokacin.

Saura maganar kayan da ke hannuna. Lodin Mayu ya zo bisa tsohon tsari, kuma ba laifin kowa ba ne a shagonka tunda ban sanar ba. Yau da safe na ƙirga, akwai fulawa buhu 9 da ba a farke ba. Biyu za su kai ni ƙarshen wata, saura 7. Ina neman alfarma ka karɓi 4 daga ciki, ka lissafa mani kuɗinsu a kan farashin da na saya, a zuba a cikin kuɗin sukari. Suna kan katako, ba su taɓa ƙasa ba, ba su jingina da bango ba, ɗinkinsu na kamfani yana nan. Sabi'u ya duba da idonsa kafin ya ɗauka, wanda bai gamsu da shi ba ya bar mani. Abin da ya sa na matsu shi ne sitona ƙarami ne, taga ɗaya gare shi, kuma damina ta ƙarato. Fulawa in ta ji danshi sai ta dunƙule ta yi wari, in ta daɗe kuma ƙwari su shiga. A wurinka kwana biyu za su yi masu biredi su kwashe, a wurina sai sun kai Yuli. In kuma hakan zai takura maka, ka faɗa mani kai tsaye, sai in nemi mai gurasa ko mai biredi a unguwa in sayar masa. Farin mai ma jarka 4 za su rage mani ƙarshen wata, amma shi ba sai an mayar ba, a rufe yake, zan ci shi a Yuni.

Saboda haka lodin Yuni kaɗai zai bambanta: fulawa buhu 2, man gyaɗa jarka 2, manja jarka 2, sukari buhu 4, farin mai babu. Daga Yuli kuma sai a tsaya a kan wannan duk wata:

Fulawa, buhu 5 na kilo 50.
Farin mai, jarka 4 ta lita 25.
Man gyaɗa tsantsa, jarka 2 ta lita 25.
Manja, jarka 2.
Sukari, buhu 4 na kilo 50.

Ina kuma so a daina kawo mani kayan wata gaba ɗaya, a raba su biyu, farkon wata da tsakiyarsa. Na Yuni, ranar Litinin 2 ga wata a kawo sukari buhu 2 da man gyaɗa da manja, a tafi da fulawar nan 4 a mota ɗaya. Kada a wuce ranar, don Babbar Sallah za ta faɗo cikin makon in Allah Ya kai mu, kasuwa za ta cushe, mu ma za mu rufe kwana uku. Ranar Litinin 16 ga wata sai a kawo sauran sukari buhu 2 da fulawa 2. A riƙa zuwa tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na safe, lokacin an tashi daga karin kumallo, ba a fara cinikin rana ba, ni ma ina nan in ƙirga da kaina in sa hannu. Kuɗin motar zuwa na biyu ni zan biya.

Ragowar kuɗinka na Mayu, Naira 185,000, zan tura asusun shago ranar Juma'a mai zuwa in sha Allahu. Daga nan kuma kowane lodi zan biya cikin kwana bakwai da saukarsa, kamar yadda muka saba. In farashi ya motsa a Kano, a faɗa mani kafin a loda, kada sai na gani a rasit.

Alhaji, na san buhu 7 na fulawa da jarka 4 na mai duk wata ba ƙaramin ragi ba ne ga ɗan kasuwa, kuma ba na so ka ji a bakin wani ka ɗauka na koma wani shago. Ban koma ko'ina ba. Ban manta shekarar da na buɗe wurin nan da tebur huɗu ba, ka ba ni kaya wata biyu ba ka aiko ko sau ɗaya ba. Shi ya sa ma nake son in tambaye ka: ko za ka iya haɗa mani da shinkafar tuwo, farar nan ta masa? Yanzu ina cin kusan buhu 6 a wata, kuma sayen da nake yi nan da can ya gajiyar da ni. In za ka iya, ka aiko mani da tiya ɗaya ranar 2 ga wata, Inna Mairo ta jiƙa ta gwada a tanda, in ta yi sai mu yi maganar farashi, har da yis.

Ina jiran amsarka kafin ranar Asabar, musamman kan mayar da fulawar, don in san yadda zan shirya sito. A gaida Hajiya da yara. In ka biyo ta Ƙofar Kaura da safe ka tsaya, za a sa maka masa da zafinta.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya bar zumunci.

Wassalam,
Hajiya Binta