Amsar tayin aikin akanta: buƙatu huɗu da ba su taɓa albashi ba

Zuwa ga Hajiya Shugabar Sashen Ma'aikata,

Assalamu alaikum. Takardar tayin aiki a masana'antarku ta Sharaɗa ta iso ni, na gode. Na fahimci cewa naira 280,000 a wata shi ne albashin wannan mataki kuma ba a ƙari, don haka na amince da shi. Ga abin da nake roƙo a gyara kafin in sa hannu.

Babba a cikinsu shi ne sunan muƙami. An rubuta Jami'in Lissafi, alhali aikin ya haɗa da duba kashiya biyu da sa hannu a rahoton ƙarshen wata. Ina roƙon a mai da shi Babban Akanta, mataki da albashi su tsaya yadda suke. Banki da masu binciken kuɗi sunan suke dubawa kafin su saurari mutum. Idan akwai fargabar wasu su nemi irin haka, a rubuta cewa sunan zai fara aiki bayan wata shida na gwaji.

Sai horo. Ina neman a ware naira 250,000 a shekara don jarrabawar ƙungiyar akantoci ta ICAN da kwas ɗaya kan haraji, a riƙa biyan cibiyar kai tsaye, kada kuɗin ya bi ta hannuna. Kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun horar da ma'aikata na ITF, kuma ana iya karɓo har rabin wannan kuɗi idan an horar da ma'aikata. Sai dai dole a nemi amincewar ITF tun kafin a fara kwas, a kuma adana rasit da shaidar kammalawa. A nan ne kuɗin yake maƙalewa. Zan ɗauki nauyin takardun. In na bar aiki kafin wata 12 da gama kwas, zan mayar da kuɗin gwargwadon watannin da suka rage.

Daga Hotoro nake zuwa, kuma akwai nisa, shi ya sa nake so in riƙa aikin ranar Laraba a gida, ban da makon rufe lissafi da lokacin ƙidayar kaya. Ina da sola, data kuma daga aljihuna. Baucoci da cak ba za su bar ofis ba. A gwada wata uku, in rahoto ya makara ko sau ɗaya a soke.

Hutun shekara kuwa, ina roƙon kwana 20 maimakon 15, biyar ɗin in ɗauke su a goman ƙarshe na azumi. Wannan shi ne wanda zan iya haƙura da shi in ba hali.

Duk abin da aka amince, Hajiya, don Allah a sa shi cikin takardar ɗaukar aiki, domin alkawarin baki yakan tafi tare da manajan da ya yi shi. Zan iya zuwa ranar Alhamis bayan azahar mu daddale, in fara aiki ranar ɗaya ga wata mai kamawa in Allah ya yarda.

Allah ya ƙara girma.

Wassalam,
Akantan da kuka yi wa tayi