Yadda Manoman Maradi da Damagaram Suka Dawo da Itatuwa Gonakinsu

Assalamu alaikum. Malam, da 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da safiya.

Takardar da zan taƙaita muku Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale ne suka rubuta ta, cibiyar binciken manufofin abinci ta duniya, wato IFPRI, kuma ta wallafa ta a shekarar 2009. Ta yi magana a kan Burkina Faso da Nijar, amma shafukan da na ɗauki hotonsu da wayata a laburare na ɓangaren Nijar ne, don haka a nan zan tsaya.

Bayan farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, gonaki da yawa a kudancin Nijar sun zama fili fetal, har iska takan binne shuka da rairayi, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Daga wajen 1983, a yankin Maradi, aka fara gwada wata dabara mai sauƙi. Idan manomi ya zo sharar gona ya tarar da kututturen da ke toho, maimakon ya sare tohon duka ya ƙone, sai ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran. Saiwar tana raye a ƙarƙashin ƙasa tun da daɗewa, shi ya sa itacen yake girma da sauri, ba tare da dashe ko ban ruwa ba.

Marubutan sun kwatanta hotunan sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan adam na shekarun 2000, suka kuma zagaya ƙauyuka. Ƙiyasinsu shi ne dabarar ta game kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa, kuma dalilin a fili yake: yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su zama abincin dabbobi da rani.

Akwai adadi ɗaya da nake roƙon mu kula da shi. Takardar ta ce ana samun ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara, wanda zai ciyar da mutum miliyan biyu da rabi. Ba a auna wannan hatsi buhu-buhu ba. An ɗauka ne cewa kowace hekta ta ƙara kilo 100, aka ninka da hekta miliyan 5. A ganina, shaidar yawaitar itatuwan ta fi ta hatsin ƙarfi, domin ita ana ganinta a hoto.

Na gode. Malam, ina sauraron tambayoyi.