Korafi kan kudin kula da asusu da aka cire min bisa kuskure

Zuwa ga Manaja, Reshen Sabon Gari, Kano

Assalamu alaikum, ranka ya dade. Ina maka fatan alheri.

Na rubuto ne kan wani kudi da bankinku ya cire min ranar 30 ga watan Satumba, naira 1,850, alat din da ya shigo wayata an rubuta "Account Maintenance Fee". Ni asusun ajiya ne nake da shi a wajenku, sabin, ba karan ba, kuma a ka'idar Babban Bankin Najeriya CBN wannan caji na masu karan ne kawai, to ni ta ina ya shafe ni?

Wallahi abin ya dame ni, don kudin makarantar yara nake tarawa a ciki, ina sana'ar dinki ne a Kantin Kwari kuma kowace naira da guminta take zuwa. Na je reshenku na bi layi tun safe, yarinyar da ke teburin kwastoma ta duba kwamfuta ta ce e gaskiya kuskure ne daga sistem, in rubuto takarda kawai, shi ne na rubuto.

Don Allah a mayar min da kudina cikin asusun nan mai karewa da 4417, kuma a gyara abin kada wata mai zuwa a sake cira. Na hada da kwafin sitatimen na Satumba, na ja layi a kan wurin. In har sati 2 ya wuce ban ga alat ba, zan kai kukana sashen kare hakkin kwastoma na CBN.

Na gode, Allah ya taimaka.

Naku,
Mai asusu mai karewa da 4417