Jawabin ranar wayar da kan ɗalibai kan tsaron waya

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Firinsifal ranka ya daɗe, malamaina da suka koyar da ni a nan, iyayenmu da suka samu zuwa, da ku ƙannena 'yan SS1 har SS3, barkanku da safiya. Ni tsohon ɗalibin makarantar nan ne, gyaran waya nake yi a Farm Centre, shi ya sa aka ce in zo in ɗan yi muku bayani. Na san dokar makaranta ba a shigowa da waya, amma wa zai ɗaga hannu ya ce a gida ba shi ke duba wa Umma alat ba, ko ba shi ke sa wa Baba data ba? Toh kun gani, wayoyin gidanku a hannunku suke, kuɗin gidan ma haka.

Yawancin masu zuwa shagonmu suna kuka an kwashe musu kuɗi, ba wani ƙwararre ne ya fasa musu waya ba, kiransu aka yi aka tambaye su, su kuma suka bayar da bakinsu. Kwanaki wata baiwar Allah mai sayar da awara ta zo da yaronta ɗan kamar ku, wani ya kira da yamma ya ce daga banki ne, ya faɗi cikakken sunanta daidai, ya ce BVN ɗinta ya samu matsala za a rufe asusun kafin magariba, yaron ne ya karɓi wayar saboda shi ya iya karatu, ya karanto lambobin jikin kati, ya karanto lambar da ta shigo ta saƙo, kafin a kira sallah kuɗin adashinta sun tafi. Yaron ba wawa ba ne wallahi, gaggauta shi aka yi. Ɗan damfara kullum sauri yake, ko ya tsorata ka ko ya kwaɗaita maka, don kar ka samu sararin tambayar wani.

Saboda haka duk lambar da ta shigo wayarka ta saƙo, OTP ɗin banki ko lambobi shidan nan na WhatsApp, ba a ba kowa. Ko ya ce shi manaja ne, ko ya ce malaminku ne za a yi taron guruf ɗin aji ta Zoom ka turo kod a saka ka. Da zarar ka ba da shidan nan WhatsApp ɗinka ya koma wayarsa, sai ya hau bin 'yan uwanka da sunanka da hotonka yana cewa a ranta masa dubu ashirin zuwa gobe. Banki ba ya neman PIN ɗinka ta waya. In an kira ka kashe, ka je reshe da ƙafarka ko ka kira lambar da ke jikin kati.

Sai linki. 'Yan SS3 ku aka fi hari, lokacin JAMB da WAEC da NECO za ku ga ana ta yaɗawa, za a ƙara maka maki, ga amsoshin gobe, ga tallafin karatu, ga kyautar data ka tura wa guruf biyar. Ku kalli allo:

```
jamb.gov.ng
jamb.gov.ng.duba-sakamako.xyz
```

Na sama na hukumar ne. Na ƙasa ni na ƙirƙira shi don misali, amma haka suke yi, sun sa sunan gaskiya a farko don ido ya tsaya a nan, alhali mai shafin shi ne abin da ke ƙarshe. Ka karanta adireshin har ƙarshensa, kafin alamar / ta farko da ke bayan https:// in akwai, in na gwamnatin Najeriya ne yawanci da gov.ng yake ƙarewa. Tambari da kala kuwa kowa na iya kwafa. Gara ma ka rubuta adireshin da hannunka maimakon ka danna wanda aka turo, ko da babban amininka ne ya turo, don ƙila shi ma an riga an kwace nasa. Mai cewa zai ƙara maka maki, NIN ɗinka da kuɗinka yake so.

Yanzu kalmar sirri. Su waye suka sa shekarar haihuwarsu? Kar ku ɗaga hannu, na gan ku. Ana kawo min waya gyara in ce a buɗe min, sai ka ji 1234, ko 2008, ko sunan budurwa, ko Ronaldo7. PIN mai lamba huɗu gaba ɗaya kala 10,000 ne, ga shi kuma ka zaɓi wanda duk ɗan ajinku zai canka. Abin da ya fi shi ne ka jera kalmomi huɗu ko biyar da ba ruwan wata da wata, kamar haka:

```
Barkono-jirgi-taga-kulki-47
```

Kar wanda ya ɗauki wannan, duk zauren nan an gani. Tsawon shi ne ƙarfin. 'Yan lissafi ku gwada, in kana da kalmomi 2,000 ka ciro huɗu da ka, kala tiriliyan 16 ke nan, kuma ya fi sauƙin haddacewa a kan wani tarkacen alamomi da za ka manta gobe. Amma da ka fa na ce, ban da karin magana, ban da baitin waƙa, ban da aya, duk abin da mutane suka saba jerawa an san shi. Kuma na imel ɗinka ya zama daban da na Facebook da na TikTok, don duk wanda ya shiga imel ɗin zai iya canza sauran. In kana tsoron mantuwa rubuta a takarda ka ɓoye a gida, ba a bayan littafin makaranta ba.

Layinka ma ka sa masa PIN. Ɓarawon waya sau da yawa sim ɗin yake so, ya zare ya sa a ƙaramar waya ya danna *565*0# BVN ɗinka ya fito masa, saƙonnin banki kuma wajensa za su dinga zuwa. Amma ka kiyaye, kuskure uku layin ya kulle sai da lambar buɗewa da ake kira PUK, tana jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Ka danna *#06# ka kwafe IMEI, wato lambar shaidar wayarka, ka ajiye. In an sace waya banki za ka fara sa wa a toshe, sannan layi, kuka daga baya.

Ƙannena mata, da ku maza ma, hoton da ba za ka so Baba ya gani ba kar ya bar wayarka, in son samu ne kar a ɗauke shi ma. In kuma wani yana yi miki barazana da hoto, kar ki tura kuɗi don ba zai daina ba, kar ki goge saƙonnin, ki samu Umma ko wata malama da kika yarda da ita a ranar, laifin nasa ne kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ake kama irinsu da ita. Samari kuma masu ba da aron asusu a turo kuɗi a ba su "wani abu", ranar da EFCC ta biyo sawun kuɗin sunanka za ta gani.

Bayan tara na ajiye tebur a ɗakin kwamfuta, Malam ya yarda iyayen da suka zo su kawo wayoyinsu mu kunna musu Two-step verification na WhatsApp, wato ƙarin PIN na tsaro, da PIN ɗin layi, kyauta ne, kuma kowa shi zai danna nasa da hannunsa ni zan juya baya. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da layin baya.