Wasiƙa kan raba rumbun bayanai kafin rajistar noman rani

Ofishin Fasaha, Kadawa,
Ƙaramar Hukumar Garun Malam, Kano.
18 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga Manajan Darakta da Shugabannin Sassa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto ne ina neman izinin raba rumbun bayananmu kafin a buɗe rajistar noman rani a watan Nuwamba.

A yau manoma 38,000 ne a manhajarmu, yawancinsu daga Kura, Bunkure da Garun Malam. Sashen kasuwanci ya ce idan Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja na Jigawa suka shigo, za mu kai 150,000 kafin Janairu. Duk abin da muka mallaka kuwa, sunayen manoma, bashin taki da iri, biyan kuɗi, saƙonnin tes da rahotanni, a rumbu ɗaya yake na manhajar PostgreSQL, a kan saba guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan.

Za ku tuna ranar rabon taki a watan Yuni. Da hantsi, wakilai suna ta shigar da sunaye, sai sashen kuɗi ya nemi rahoton wata shida. Rahoton nan ya riƙe sabar, komai ya tsaya na minti 47. Ina wurin rabon a Kura. Na ga wani dattijo da ya taso tun asuba, ya biya kuɗin babur, wakili yana ce masa ya yi haƙuri, sunansa ya ƙi fitowa. Abin bai bar raina ba har yau. Iyakar haɗin da rumbun ke karɓa lokaci guda, wato `max_connections`, 100 ce tun asali. Mun ɗaga ta zuwa 300, mun sa manhajar PgBouncer tana tsara layin masu shiga rumbun, amma faifai ɗaya ne dai ke ɗaukar karatu da rubutun kowa. Manomi kuma ba ya zuwa a rarrabe. Alkama tana da lokacinta, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, don haka kowa cikin 'yan makonnin nan zai nemi iri.

Na san za a ce a sayi babbar saba a huta. Za ta ɗan saya mana lokaci, amma da dala ake biyan hayarta, kuma ranar da ta faɗi, Kano da Jigawa tare za su tsaya. Akwai wani abin da ya fi damuna. A gwajin da muka yi makon jiya, maido da rumbun daga kwafin ajiya ya ci awa 5. Idan ya ninka huɗu, kusan kwana guda za mu yi babu aiki.

Shawarata a yi rabon a mataki biyu. A Satumba mu kwashe tarihin saƙonni zuwa rumbunsa daban, domin shi ne ya cinye fiye da rabin faifan, sannan mu buɗe kwafin karatu, wato kwafin rumbun da ake karantawa kawai, wanda sashen kuɗi zai riƙa ɗaukar rahoto daga shi ba tare da ya taɓa aikin wakilai ba. A Oktoba mu raba manoma ta yanki: Kano rumbu ɗaya, Jigawa rumbu ɗaya, da ɗan ƙaramin kundi a tsakiya mai nuna inda kowace lambar waya take. Hanyar kwashe bayanai alhali rumbu yana aiki tana cikin PostgreSQL tun siga ta 10 da ta fito a 2017, saboda haka abin da za mu rufe bai wuce awa 2 ba, cikin dare.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Rahoton da ya haɗa jihohi biyu zai ƙara wuya, kuma kwafin karatu kan yi jinkirin 'yan daƙiƙu. Manomin da ke da gona a Bunkure da wata a Auyo sai mun ajiye bashinsa a wuri ɗaya tak, kada lissafi ya rabu biyu. Kuɗin saba zai kusan ninkawa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Jigawa ba ta shigo ba tukuna, ke nan rumbunta sabo za a buɗe, babu abin kwashewa sai kaɗan. In muka bari sai Disamba, za mu raba shi ne kuɗin mutane na shige da fice, kuskure ɗaya kuma zai iya ɗora wa talaka bashin da bai ci ba.

Abin da nake roƙo shi ne a sakar mini injiniyoyi biyu na mako takwas, a ɗage sabon shafin farashin kasuwa zuwa Janairu, a kuma amince da ƙarin kuɗin sabar, wanda na riga na miƙa lissafinsa ga akanta. Ina buƙatar amsa kafin 29 ga Agusta, domin a fara ranar 1 ga Satumba, a samu mako biyu na gwaji da wakilan Kura kafin ranar rajista.

Allah ya ƙara girma.

Naku,
Shugaban Injiniyoyi