Sabon kaya ya sauka Aboabo, orijinal kawai

Hoto na 1, pawa banki
Cale, dumso ba ya sallama kafin ya shigo. Pawa banki 20,000mAh, sidi 280, yana da kofa biyu kai da abokinka ku jona tare. Amma bari in faɗa maku gaskiya tun yanzu, lambar da ke jikin kwali ba duka take shiga waya ba, wani kaso yana tafiya a zafi da juya wuta, in batirinka 5,000mAh ne kamar yawancin Tecno da Infinix to ka sa ran ful caji biyu da ɗoriya, duk wanda ya ce maka huɗu yaudararka yake. No wahala, zo da wayarka mu gwada a gabanka.

Hoto na 2, kebul
Type-C, Lightning da micro duk akwai. Masu iPhone 15 zuwa sama Type-C ne naku, 14 zuwa ƙasa Lightning, don Allah a duba kafin a yi oda. Sidi 35.

Hoto na 3, fas caja
Jiya wani ƙanina ɗan makaranta ya shigo da kan caja a leda, gefen ya narke ya yi baƙi har yana warin roba, wai sidi 15 ya saya a bakin titi kuma a ƙarƙashin filo yake cajin da daddare. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ƙannena ku daina wannan, waya ta dubu biyu ba a haɗa ta da cajar banza. Namu 20W ne mai ƙafa uku daidai soket ɗinmu na Gana ba sai da adafta ba, sidi 90, garanti wata 3 da rasit.

Hoto na 4, sikirin gad
Fitin firi ne, mu za mu liƙa maka ba kumfa ko ɗaya. Akwai na firaibesi ma saboda masu leƙen cat ɗin mutane a cikin trotro, sai dai yana ɗan rage haske, a rana sai ka ƙara biraitnes.

Hoto na 5, kaba
Hajiyoyi slay ɗinku ya iso! Pinki, lilak, mai madubi, mai igiyar ratayawa. Kala ɗaya guda 6 kawai ya zo, fes kom fes saf.

Hoto na 6, iyabod
Bulutut, bas mai nauyi, makirfon yana fita fes ko kana tsakiyar Kejetia. Sidi 150 las firais, yaya kar ka ja ni da ciniki a kan wannan.

Dilibari: Aboabo, Asawase da Sabon Zango firi, Tafo da Tech Junction kuɗin mai babur a kanka. Muna karɓar MoMo da kash. A turo DM ko WhatsApp da model ɗin waya. Ran Juma'a muna rufewa ƙarfe 12, mu buɗe bayan an sauko masallaci in sha Allah.