Yaya Hajara, ga yadda za ki canza kalmar sirrin waifai ɗin shago

Tun da datar wata ɗaya ba ta kai ku ko sati biyu, ina kyautata zaton yaran layinku na Jekadafari sun gama raba kalmar a tsakaninsu. Ba sai kin kira mai gyara ba, da wayarki za ki yi.

Fara juya rautar, wato na'urar da ke ba da waifai ɗin, ki duba takardar da ke manne a ƙasanta. Akwai adireshi na lambobi, da sunan shiga, da kalmar shiga. Ki ɗauki hotonta.

Ki tabbata wayarki na kan waifai ɗin, ki kashe datar layinki, sannan ki buɗe Chrome. A can sama, inda ake rubuta adireshi, ki sa lambobin. Yawanci ɗayan waɗannan ne:

```
192.168.0.1
192.168.1.1
192.168.8.1
```

Shafin a cikin rautar yake, ko data ta ƙare zai buɗe.

Nan ne sabon shiga ke rikicewa. Kalmomin sirri biyu ne: ta shiga wannan shafi daban, ta waifai da kike ba mutane daban. Ta farkon ake tambayarki yanzu. In ba a taɓa canza ta ba, ita ce ta jikin takardar, sau da yawa admin ce kawai. Ki rubuta a hankali, don wasu rautocin kan kulle shafin na ɗan lokaci in an yi ta kuskure.

Da kin shiga, nemi Wireless, ko WLAN, ko Wi-Fi Settings. Wajen Security ki zaɓi WPA2-PSK. WEP tsohon yayi ne, ana fasa shi cikin sauƙi. Sai akwatin Password, wani wurin Pre-Shared Key. Goge tsohuwar ki sa sabuwa. Ba ya karɓar ƙasa da harafi 8, amma ni dai ki kai 12, haruffa haɗe da lambobi. Don Allah ban da lambar wayarki, ga ta ɓaro-ɓaro a allon shago! Kar kuma ki sa ƙ, ɗ ko ɓ, wasu na'urorin ba sa gane su. In kin ga 2.4GHz da 5GHz kowanne da akwatinsa, ki canza duka.

Ki rubuta ta a takarda tukuna, sannan ki danna Save ko Apply.

Waifai zai katse nan take, har a wayarki. Haka ake so. Ki jira kamar minti ɗaya, ki shiga saitin waifai na waya, ki taɓa sunan naku, ki danna Forget, ki sake shiga da sabuwar. Haka za a yi wa wayar Abban Ilham da kwamfutar shago.

Ɗan ramin nan na Reset da ke jikin rautar kuwa, kar ki tsokane shi sai in kalmar shiga shafin ta ɓace gaba ɗaya, don yana share duk saitin da aka yi. In ta kai ga haka, kira ni kafin ki taɓa.